Kwana bakwai na tantancewa: yadda na daidaita suna, asusu da hanyar kuɗi kafin a rufe ni

Saƙon ya shigo ranar Talata da hantsi, wani jan layi a saman shafin dandalin da nake aikin fassara a kai, daga Faransanci zuwa Hausa. An ce in tabbatar da ko ni wane ne cikin kwana 7, in ba haka ba a dakatar da asusun. A lokacin ina da kwantiragi biyu a buɗe, da dala 410 da ba su kai ga fita ba tukuna. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Irin wannan saƙo ba tuhuma ba ce, kusan duk wanda ya daɗe yana aiki zai gan shi. A cikin dandalin neman aiki ta intanet, Upwork kan ba da kwana 7, Fiverr kuma kwana 14. Abin da ke kayar da mutane shi ne gaggawa: mutum ya danna maɓallin nan take, ya ɗauki hoton katin da ke aljihunsa, ya tura, alhali bai duba ko abin da ke jikin katin ya yi daidai da abin da ya rubuta shekarun baya ba. Ana kuma ƙidaya sau nawa ka gwada, ba a bar ƙofar a buɗe ba iyaka. Don haka ranar farko ban tura komi ba. Na ɗauko takarda na ja layi uku, na rubuta sunana kamar yadda yake a dandali, kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa da fasfo, da kamar yadda yake a asusun da nake karɓar kuɗi da shi.

Nan matsalar farko ta fito, kuma matsala ce tamu ta ƴan Nijar. Takardunmu da rubutun Faransanci ake cika su, mu kuwa a intanet sau da yawa da rubutun Hausa ko na Larabci muke sa suna. Wanda takardarsa ta ce Mahamadou sai ya rubuta Muhammad, mai Aboubacar ya rubuta Abubakar, mai Issoufou ya rubuta Yusuf. A wurinmu suna ɗaya ne, kowa a Bukoki ko Wadata ya san haka. Na'urar da ke karanta katin ba ta san haka ba, ma'aikacin da zai duba bayanta ma yana can wata ƙasa bai taɓa jin sunan ba. Harafi yake gwadawa da harafi. Ga kuma batun jeri: a takardunmu akwai gurbin Nom da na Prénom, mu kuwa mun saba kiran sunan yanka sannan na uba, wani ma har da na kaka. Da yawa sun juya su lokacin rajista, sun sa sunan uba a gurbin First name. Ni kuskurena biyu ne, na rubuta sunana da rubutun Hausa, na kuma bar sunan kakana da ke cikin fasfo.

Hanyar da ta fi tabbas wajen sanin yadda na'ura za ta karanta sunanka ita ce ka duba ƙasan shafin fasfo mai hoto. Akwai layi biyu na manyan haruffa da alamar <, kowane layi gurbi 44. A layin farko, bayan NER, wato alamar Nijar, abin da ya fara zuwa shi ne sunan da hukuma ta ɗauka a matsayin na iyali, sai alamar << guda biyu, sai sauran sunaye. Yadda yake a nan, haka ya kamata ya kasance a dandali, haka kuma a banki. Ranar haihuwa ma a duba ta. Waɗanda aka yi wa takardar haihuwa a kotu bayan sun girma, galibi 1 ga Janairu ke jikin takardunsu, wasu tsofaffin takardun ma shekara kawai suka nuna. Idan ka rubuta ranar da mahaifiyarka ta gaya maka a dandali, takarda kuma ta ce wata rana daban, ta takardar ce za a bi. Sai ƙasa: a jerin ƙasashe Niger da Nigeria suna maƙwabtaka kamar yadda suke a taswira, yatsa na iya zamewa a waya. Lambar wayarmu +227 ce, tasu +234. Na ga wanda ya yi wata da watanni da ƙasar da ba tasa ba a shafinsa, bai lura ba sai ranar tantancewa.

Gyaran suna ba a yin sa a ɓoye ana tsakiyar bincike. Canza suna kwatsam bayan an nemi kati yana kama da abin da mai sayen asusun wani yake yi. Na rubuta wa sashen taimako daga cikin asusun, da imel ɗin da na yi rajista da shi, na ce an nemi in tabbatar da kaina, sunan da ke shafina rubutun Hausa ne, na takarduna rubutun Faransanci, ga yadda kowanne yake, ina roƙon a daidaita shafin da takardar kafin in tura. Layi huɗu ne kacal. Washegari aka amsa, aka nemi hoton fasfo, aka gyara.

Ina cikin wannan duba ne na tuna da abu mafi hatsari. Shekarun baya, tun kafin in san aikin, na taɓa buɗe asusu a wannan dandalin a wani siber, da wani imel da na daina amfani da shi da layin waya da ya mutu. Ban yi aiki ko ɗaya da shi ba. Da na dawo da gaske sai na kasa tuna kalmar sirri, na buɗe sabo. Mafi yawan asusu biyu a wurinmu haka suke samuwa, ba da niyyar zamba ba: layi ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba kamfani ya karɓe lambar, lambar tabbatarwa ta daina zuwa, mutum ya ga buɗe sabo ya fi sauƙi. Amma ƙa'idar Upwork da ta Fiverr duka mutum ɗaya asusu ɗaya ce, kuma ba ta tambayar dalili. Kafin a karɓi katinka, asusun biyu suna iya zama shekaru ba wanda ya haɗa su. Ranar da kati ya shiga, suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya sun bayyana a wuri biyu.

Yana da kyau a san abubuwan da ke haɗa asusu da asusu, don mutum ya daina tsoron abin da bai kai ba, ya ji tsoron wanda ya kai. Masu nauyi su ne takardar shaida, fuska, lambar waya, da asusun karɓar kuɗi. Asusu ɗaya na Payoneer, kamfanin da ake karɓar kuɗi ta wurinsa, ko lambar banki ɗaya a ƙarƙashin sunaye biyu hujja ce mai ƙarfi. Bayansu sai na'ura, wato kwamfuta ko waya da burauzar da ake shiga da ita, domin dandalin yana ajiye bayanin na'urar da ka shiga da ita. Adireshin intanet shi kaɗai ya fi rauni, tunda a layukan waya irin na Airtel, Moov ko Zamani mutane da yawa kan fita da adireshi guda, haka ma masu sayen tikitin wifi na unguwa. Sai dai idan adireshi ɗaya ya haɗu da kwamfuta ɗaya, da irin aiki ɗaya, da rubutun gabatarwa mai kama da juna, to zato ya yi ƙarfi.

Abin da na yi shi ne na fara neman tsohon imel ɗin. Na samu shiga ta lambar ajiya da na taɓa sa masa, daga nan na sake kalmar sirrin tsohon asusun, amma ban rufe shi da kaina nan take ba. Na koma cikin takardar ƙorafin da na riga na buɗe, na rubuta cewa akwai wani asusu da sunana mai imel kaza, na buɗe shi a shekara kaza, ba a taɓa aiki ko karɓar kuɗi da shi ba, ina so a rufe shi a bar wanda nake aiki da shi. Dalilin da ya sa na bi ta hannunsu shi ne in samu rubutacciyar shaida mai kwanan wata cewa ni na fara faɗa. Rufe asusu ba ya goge tarihinsa a wurinsu, don haka rufewa a asirce ba ta ɓoye komi, sai dai ta hana ka shaidar gaskiyarka. Ba zan ce duk wanda ya faɗa da kansa ya tsira ba, hukuncin yana hannunsu. Amma tsohon asusu da ba a taɓa aiki da shi ba, mai shi kuma ya kawo maganar da bakinsa, ba ɗaya yake da wanda aka kama ba. Ni an rufe tsohon cikin kwana biyu, aka gargaɗe ni kada in sake.

Akwai banbanci babba da ya kamata a riƙe. Idan tsohon asusun dakatar da shi aka yi saboda laifi, buɗe sabo ba mantuwa ba ce, tsallake hukunci ne, kuma da zarar an gane za a rufe sabon ko da ya tara taurarin yabo ɗari daga masu ba da aiki. Hanyar mai irin wannan matsala ita ce ɗaukaka ƙara a kan tsohon. Wanda kuma yake ganin yana buƙatar asusu na biyu don yana son ya ɗauki wani aiki shi ma, ko ya tara abokan aiki, ba ya buƙata. A Upwork shiga ɗaya tana iya ɗaukar shafin ma'aikaci, da na mai ba da aiki, da na kamfanin haɗin gwiwa da suke kira Agency. A Fiverr asusu ɗaya ne ake saye da sayarwa da shi. Buɗe na biyu don ka sayi aikinka ka ba kanka taurari kuwa laifi biyu ne a haɗe.

A daren Laraba ƙanena, wanda yake koyon rubuta sauti zuwa takarda, ya same ni a tsakar gida ina ta wannan lissafi. Ya ce, "Yaya, tunda naka ya riga ya yi suna, ka bar ni in riƙa shiga da dare ina ɗaukar ƙananan ayyuka, kuɗin su faɗo wurinka." Na ce masa, "Ƙanena, wannan shi ne abin da ake kira raba asusu, kuma shi kaɗai ya isa a rufe ni. Mai ba da aiki da ni ya yi magana, hotona ya gani. Ka buɗe naka da katinka da layinka da asusun kuɗinka, ni zan duba maka rubutun gabatarwa." Mutum biyu a gida ɗaya kowa da nasa ba laifi ba ne, matuƙar kowa shi ne mai nasa da gaske. Muka tsara cewa ba zai taɓa shiga nasa a kwamfutata ba, ni ma ba zan shiga nawa a wayarsa ba, ba zai kwafi gabatarwata ba, ba kuma za mu sayi aikin juna ba. Inda ya fi yi wa matasa wuya shi ne asusun kuɗi, don da yawa ba su da banki sai su sa na yaya ko na baba. Sunan mai asusun karɓar kuɗi dole ya zama sunan mai asusun aiki. Gara ya yi haƙuri ya buɗe nasa tukuna. Haka nan masu turo saƙo daga waje suna cewa za su biya ka kowane wata ka ba su aron asusunka, ko ka bar su su shiga kwamfutarka daga nesa, duk abin da suka aikata da sunanka da katinka za a rubuta shi.

Ranar Alhamis na zauna ɗaukar hoto. Na farko da na tura an dawo da shi, kuma laifina ne. Katin ɗan ƙasa na ɗauka, irin na takarda da muke kaiwa a lulluɓe da roba don kada ya yage, na ɗauke shi da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki. Hasken ya faɗa kan robar ya rufe rabin lambar katin, gefe ɗaya kuma yatsana ya danne kusurwa. Na biyu na yi shi da fasfo, don shi na'ura ta fi iya karantawa saboda layukan nan biyu na ƙasa. Da safe na fita inuwar zaure, inda akwai hasken rana amma ba ta bugun takardar kai tsaye, na shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tabarma, na buɗe fasfon na kwantar da shi, na goge gilashin kyamara da gefen riga, na kashe fitilar waya. Kusurwa huɗu duka su fito, da ɗan fili a kowane gefe. Kada a yanke hoton, kada a ƙara masa haske da manhaja, kada a rufe wata lamba, kada kuma a tura hoton fotokwafi ko hoton da aka ɗauka daga allon wata waya. Hoton da ya bi ta WhatsApp ma yakan rage kyau har ƙananan haruffa su dushe, shi ya sa ya fi kyau a ɗauka kai tsaye da wayar da ake tantancewar da ita. A duba ranar ƙarewar takardar. Fasfonmu shekara 5 yake yi, wanda nasa ya kusa ƙarewa ya fara neman sabo a hukumar DST tun kafin a tambaye shi, domin kwana 7 ba za su ishi wannan ba.

Bayan takarda sai fuska. Wani lokaci hoton kai ne kawai, a ce ka juya hagu da dama, wani lokaci kuma kiran bidiyo ne da ma'aikaci. Ni kira aka yi mini. Na zaɓi safiya, kafin zafi ya tashi a fara ɗauke wuta, na cika cajin kwamfuta da waya, na sayi isasshen intanet a layi biyu don in ɗaya ya yanke in koma ɗayan. Na cire tabarau, na zauna fuskata tana kallon taga. Tambayoyin ba su da wuya ga mai asusun gaske: cikakken suna, garin da kake, irin aikin da kake yi, wane ne mai ba ka aiki na baya-bayan nan. Bai kai minti goma ba. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya faɗa tun farko, ya roƙi a yi magana a hankali, amma kada ya zaunar da wani a gefe yana raɗa masa amsa, don hakan yana kama da asusun da ba nasa ba. A nan kuma ake gane hoton shafi. Idan hoton da ke shafinka na wani ne, ko tambari ne a dandalin da ke neman fuska, ko an gyara shi har ba ka kama da shi, matsala ce.

VPN, manhajar da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa kake shiga intanet, a kashe shi, ba ranar kira kaɗai ba. Mutane da yawa a Yamai suna barin sa a kunne don wata buƙata daban, su manta, sai asusun ya nuna da safe yana Nijar da rana yana Faransa. Wasu kuma da gangan suke rubuta Paris ko wani garin Amurka a shafi, suna ganin za a fi ba su aiki. Yana iya tafiya wata shida, amma ranar da aka nemi shaidar wurin zama zancen ya ƙare. Shaidar wurin zama ita ma tana da nata ƙalubalen a nan, domin gidaje da yawa ba su da lambar titi da ake amfani da ita, takardar kuɗin wuta ta Nigelec kuma galibi da sunan mai gida take, ba ɗan haya ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne takardar bayanin asusun banki ta watan da ya wuce, mai sunana da unguwata da Niamey a rubuce. Na sa adireshin dandalin ya bi yadda bankin ya rubuta, kalma da kalma. In mutum zai yi doguwar tafiya, misali ya koma Tawa wata uku, duk cikin ƙasa ne ba abin damuwa ba, amma in ƙetare iyaka zai yi ya zauna, ya sabunta wurin zamansa.

Ana cikin wannan jira ne gwaji na uku ya zo, kuma shi ne na fi so masu farawa su fahimta. Ɗaya daga cikin masu ba ni aiki, mutumin kirki da muka yi wata huɗu tare, ya ji cewa ana tantance ni. Yana da sabon aiki na dala 300. Ya rubuto a akwatin saƙon dandalin cewa tunda akwai tangarɗa, in ba shi lambar WhatsApp, ya aiko mini dala 285 kai tsaye in karɓa a nan Yamai da sefa, kowa ya huta da kamasho. Na zauna na yi lissafin. A kan wannan kwantiragin kashi 10 cikin ɗari ake cire mini, wato dala 30, in tashi da 270. Tayinsa ya fi da dala 15. A ɗaya gefen akwai dala 410 da ke jiran fita, da tarihin aikin shekaru wanda shi ke kawo mini sababbin mutane, da kuma gaskiyar cewa a wannan makon ido yana kan asusuna fiye da kowane lokaci. Ko a Fiverr, inda kamashon kashi 20 ne, dala 60 a kan 300, lissafin bai canza ba, domin a can in aka rufe asusu kuɗin da ke ciki sai sun yi kwana 90 kafin a iya cire su.

Ban da rufewa, akwai abin da mutum ke rasawa tun kafin a kama shi. A aikin da aka yanke wa farashi, mai ba da aiki yana zuba kuɗin a hannun dandali amana kafin ka fara. A Upwork in ka miƙa aiki ta maɓallin miƙawa, mai ba da aikin bai ce komi ba har kwana 14, kuɗin suna sakuwa da kansu, sannan su yi kwana 5 na tsaro. A Fiverr oda tana rufe kanta kwana 3 bayan miƙawa, kuɗin su nuna bayan kwana 14. A aikin awa na Upwork kuma kariyar tana tsayawa ne a kan manhajar ƙidayar lokaci, wadda ke ɗaukar hoton allo a kowane minti 10, da bayanin abin da kake yi, da mai ba da aiki wanda aka tabbatar da hanyar biyansa. Da zarar an fita waje duk wannan babu. In ya karɓi fassarar ya yi shiru, ba inda za ka kai ƙara, don kai ma ka karya ƙa'ida. Masu damfara sun san haka, shi ya sa saƙonsu na farko kullum shi ne a koma Telegram ko WhatsApp, daga nan a ce ka biya kuɗin rajista ko na katin ma'aikaci kafin a sako albashinka. Ma'aikaci ba ya biya don a biya shi.

Ƙa'idar Upwork a nan a fili take. Wanda ka haɗu da shi ta dandalin, duk biyan da zai yi maka har shekara 2 daga haɗuwarku ta dandalin zai bi, sai in an biya kuɗin fita da suke kira Conversion Fee. Wanda ka riga ka sani kuna aiki tun kafin dandalin, wannan sharaɗin bai hau kansa ba. Kafin a ƙulla kwantiragi ba a musayar lambar waya ko imel, hira da kira duk a ciki ake yi. Bayan an ƙulla ana iya magana a waje in aikin ya buƙata, amma kuɗi a ciki. Fiverr ta fi tsanani, magana da kuɗi duka a ciki take so, har in ka rubuta kalma irin ta imel ko biya a akwatin saƙo sai tunatarwa ta fito. Masu rarraba lambar waya da haruffa, ko su ɓoye ta cikin hoto ko cikin takardar aikin da suka miƙa, suna ƙara wa kansu laifi ne, don hakan ya nuna sun san ƙa'idar suka kewaye ta. Kyautar da mai ba da aiki yake son ƙara maka don ya ji daɗi ma tana da maɓallinta a ciki, kada a karɓe ta ta Nita ko Amana ko wata hanyar aike.

Amsar da na ba shi a cikin akwatin na rubuta ta, inda za ta zauna shaida. Na ce, "Na gode da kulawa, ranka ya daɗe. Ba zan iya karɓar kuɗi a wajen dandali ba, ƙa'ida ta hana, kuma zai jawo wa asusunka matsala kamar yadda zai jawo wa nawa. Tantancewar za ta ƙare cikin kwana biyu ko uku. In aikin zai iya jira, ka buɗe shi a nan ka zuba kuɗin, ranar da aka sake ni zan fara." Shiru a irin wannan wuri ba shi da kyau, haka ma amsa mai harshen damo irin "bari mu gani", domin mai dubawa zai karanta ta a matsayin yarda. In baƙo ne ya zo da irin wannan tayi tun saƙon farko, ban tsayawa dogon bayani, ina danna alamar kai rahoto. Wannan mutumin ya fahimta, ya ce bai san dokar ta shafe shi ba, ya jira.

Ranar Asabar da yamma, kwana na biyar, jan layin ya ɓace, alamar tabbatarwa ta fito kusa da sunana. Saura abu ɗaya a takardar da na ja wa layi uku: asusun karɓar kuɗi har yanzu yana ɗauke da tsohon rubutun sunana, kuma da na bar shi haka, cire kuɗi na gaba zai tsaya tunda sunan dandalin ya canza. Na tura hoton fasfon nan dai ga kamfanin da nake karɓar kuɗi ta wurinsa, suka gyara, na cire tsohuwar hanyar biya daga dandalin na sake ɗaura ta da sunan da ya dace. Sabuwar hanyar biya ba ta aiki nan take, a Upwork misali kwana 3 take ɗauka, don haka ba a yin wannan canji ranar da ake buƙatar kuɗin haya. Na duba takardar haraji ta W-8BEN da waɗanda ba ƴan Amurka ba suke cikawa, na daidaita suna da adireshi a can ma. Na kunna tabbatarwa mai mataki biyu da manhajar lambobi maimakon saƙon waya kaɗai, na rubuta amsar tambayar tsaro a littafi na ajiye tare da fasfo, layin da na yi rajista da shi kuma na sa wa kaina ranar da zan riƙa zuba masa ko da jika ɗaya ce kowane wata don kada ya mutu kamar na farko. Dala 410 ɗin sun fita ranar Alhamis ta mako mai zuwa, aikin dala 300 kuma na fara shi tun ranar Litinin, bayan na ga alamar cewa an zuba kuɗin.